Itace, gawayi, kananzir ko gas: lissafin zafin da ke shiga tukunya

Gardamar wane makamashin girki ya fi sauƙi ba ta ƙarewa a gidajenmu, kuma dalili ɗaya ne ke hana ta ƙarewa: kowanne da irin ma'auninsa. Itace ɗauri-ɗauri ake sayar da shi, gawayi a buhu ko a ƙullin leda, kananzir a kwalba, gas kuma a kilo. Maigida ya ba da naira 500 ta itace yau, ya ga an yi tuwo an yi miya, sai ya ce ai itace ne rufin asirin talaka. Maƙwabcinsa ya cika tukunyar gas da kuɗin da ya haura dubu goma sha biyar a tashi ɗaya, kowa ya ce wannan sai masu hali. Ba wanda ya zauna ya tara ɗari biyar-biyar ɗin nan na wata guda, balle ya tambayi abin da ya fi muhimmanci, wato nawa ne daga cikin zafin da aka saya ya shiga tukunya, nawa ya bi iska.

Masana suna auna zafin da ke cikin makamashi da wani ma'auni da ake kira megajul. Ba sai mun wahalar da kanmu da ma'anarsa ba, ya isa mu san cewa kai ruwa lita 10 daga sanyinsa na randa zuwa tafasa yana cin megajul 3 da ɗan ɗoriya. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da kusan megajul 16. Kilon gawayi mai kyau yana da kamar 29. Litar kananzir tana da kusan 35, kilon gas kuma 46. Idan nan lissafin ya tsaya, da sai mu ce kilon gas daidai yake da kilo uku na itace, kuma da itace ya yi nasara a kowace kasuwa. Amma ba nan ya tsaya ba, domin murhu ma yana da nasa rabon, kuma rabonsa ba kaɗan ba ne.

Dubi murhun duwatsu uku a tsakar gida da yamma. Harshen wuta yana fita ta kowane gefe, yana lasar iska fiye da yadda yake lasar gindin tukunya. Duwatsun sun yi zafi, ƙasa ta yi zafi, ƙafafun mai girki sun yi zafi har tana ja da baya, iska kuma tana kaɗa wutar gabas da yamma. Duk wannan zafin da kuɗi aka saye shi. Gwaje-gwajen da aka sha yi a ƙasashe da dama sun nuna cewa a irin wannan murhu, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai na zafin itace ke shiga abinci. Kurfoti na ƙarfe ya ɗan fi, yana kai kashi 20 zuwa 25. Risho mai lagwani idan yana da lafiya yana kai wa wajen kashi 40, kan gas kuwa kashi 50 zuwa 60, saboda wutarsa ƙarama ce, tana zaune daidai ƙarƙashin tukunya, kuma da an murɗa ta mutu.

Yanzu mu koma kan ruwan nan lita 10. A murhun duwatsu uku zai ci itace kilo ɗaya da rabi ko fiye kaɗan. A kurfoti zai ci gawayi rabin kilo. A risho zai sha kananzir abin da bai kai rubu'in lita ba, a kan gas kuma giram 125 kacal. Wato babbar tukunyar gas mai kilo 12.5 za ta tafasa wannan ruwa sau 100 kafin ta ƙare. Daga nan ne ake samun ƙa'idar da nake ganin ya kamata kowace uwargida ta riƙe a ka: aikin da kilo ɗaya na gas zai yi, sai an ƙona gawayi kilo 4, ko itace kilo 13, ko kananzir kusan lita 2. Da wannan ƙa'ida, kowa zai iya yin lissafin unguwarsa, ko a Kano yake ko a Maraɗi ko a Kumasi, ko da kuwa farashi ya canja gobe.

Bari mu gwada da misali. Farashin da zan sa na misali ne kawai, mai karatu ya cire ya sa na kasuwarsu. A ce gida yana cinye tukunyar gas mai kilo 12.5 a wata, kuma kilo yana naira 1,300. Kuɗin wata ya zama 16,250. Idan gidan nan zai yi girki iri ɗaya da itace a murhun duwatsu, yana bukatar kilo 160 da ɗoriya. A ce ɗaurin naira 500 yana da nauyin kilo 5, to ɗauri 32 ke nan, naira 16,000. Kusan kunnen doki. Gawayi kuma kilo 50 ake bukata. Wanda ya sayi buhu mai kilo 35 a kan naira 9,000 zai kashe kusan 13,000 a wata, shi ne ma ya fi kowa samun sauƙi. Amma wanda ke aika yaro shago kullum ya sayo ƙullin naira 300, wanda in aka ɗora a sikeli bai wuce giram 700 ba, zai kashe fiye da 21,000. Kananzir kuwa, idan lita tana naira 2,000, lita 22 da rabi ke nan, naira 45,000.

Abin da ya fi damuna a wannan lissafi shi ne mai ƙullin leda. Gawayi ɗaya ne, daga daji ɗaya, amma wanda ba shi da kuɗin buhu yana biyan fiye da mai gas, sannan ga hayaƙi da toka da wankin baƙin tukunya a kai. Ba wauta ce ta sa shi haka ba. Mutumin da ke samun na cefane kullum-kullum ba shi da dubu tara a hannu ranar da buhu ya ƙare, ba shi da kuɗin sayen tukunyar gas da kanta da tiyo. Yana sayen abin da aljihunsa ya iya a ranar, kuma tsadar tana ɓuya a cikin ƙananan kuɗi. Duk wanda zai yi wa irin wannan gida nasiha ya koma gas, ya fara da tambayar inda za a samo kuɗin farko, domin a nan gizo ke saƙa, ba a kuɗin wata ba.

Wannan lissafi yana da iyaka, kuma adalci ne a faɗe ta. Na farko, a ƙauye inda ake samo itace da kara a gona ko a bayan gari, ba kuɗi ake biya ba, lokacin mata da yara ake biya, saboda haka ba wani lissafin naira da zai sa gas ya yi nasara a can. Na biyu, alƙaluman nan na murhun da aka saba ne. Idan aka gina murhun laka mai kewaye wuta, mai ƙofa ɗaya ta sa itace, wanda tukunya ke zama a cikinsa daram da ɗan tazara ta fitar hayaƙi, rabon da ke shiga tukunya yana iya ninkawa zuwa wajen kashi 25. Kilo 160 ɗin nan ya koma 80, naira 16,000 ta koma 8,000, ba tare da an canja makamashi ba. Haka kurfoti mai rufin yumɓu a ciki da ƙofar rage iska yana rage cin gawayi da kusan kashi ɗaya cikin uku. In dai kuɗi kaɗai ake dubawa, gyaran murhu ya fi canja makamashi saurin biya.

Na uku shi ne irin girkin. Gawayi ba ya mutuwa da umarni. Idan shayi za a dafa ko a ɗumama miya, sai an cika kurfoti, an yi fifita, an jira ya kama, a yi aikin minti goma, sauran garwashin kuma ya ci gaba da cin kansa har ya zama toka. A irin wannan ɗan gajeren aiki, asarar gawayi da itace ta fi abin da lissafinmu ya nuna nesa ba kusa ba, gas kuma ya fi arha ƙwarai. Amma dahuwar wake, ko ganda, ko babbar tukunyar taron suna, aiki ne mai tsawo da ke son wuta mai ci a hankali, kuma a nan garwashi yana biyan kuɗinsa. Tuƙin tuwon gida mai mutum ashirin a kan ƙaramar tukunyar gas mai kai a bisa ma haɗari ne, don tana iya kifewa. Shi ya sa gidajen da ke haɗa biyu, gas da safe da ƙananan ayyuka, gawayi ko itace don doguwar dahuwa, ba ruɗewa suka yi ba. Lissafinsu daidai ne.

Akwai wata asara da ta shafi duka huɗun, kuma murfi kawai take bukata. Ruwa idan ya tafasa ba ya ƙara zafi, ko da an ninka wutar. Duk abin da aka ƙara, tururi yake zama. Kuma tururi yana da tsada: mayar da lita ɗaya ta ruwa tururi yana cin zafin da zai kai lita 7 tafasa. Tukunyar wake da aka bari a buɗe tana ɓararraka, ana ƙara ruwa tana shanyewa, ba sauri take yi ba, makamashi take zubarwa. A rufe, a rage wuta da zarar ta tafasa, a jiƙa wake tun da dare. Mai gas da ke kukan tukunyarsa ba ta kai wata ba, ya fara duba nan kafin ya zargi mai sayarwa, ko da yake shi ma mai sayarwar a sa masa ido: nauyin tukunyar da babu komai a rubuce yake a jikinta, kusa da haruffan TW a mafi yawansu, sai a auna kafin a zuba da bayan an zuba.

Shi kansa itacen ba duka ne ke kai megajul 16 ba. Mutane suna cewa marke da ƙirya sun fi wuta, kuma gaskiya ne ta wata fuska, amma ba don kilonsu ya fi kilon wani itace zafi sosai ba. Busassun itatuwa kusan duk ɗaya suke a kilo. Bambancin shi ne nauyi: guntun marke ya fi guntun itace mai taushi irin girmansa nauyi, don haka a ɗauri ɗaya ka sayi kilo mai yawa, kuma garwashinsa ya fi daɗewa. Abin da ke kashe itace da gaske ruwa ne. Ɗanyen itace rabin nauyinsa ruwa ne, sai wuta ta fara ƙone wannan ruwan kafin ta yi wani aiki, saboda haka kilonsa bai wuce megajul 8 ba. Ana gane shi: yana tsiyayar kumfa ta ɗaya bakin, yana ƙara kamar ana soya abu, hayaƙinsa fari ne mai kauri mai sa hawaye. Busasshe kuwa bakinsa a tsattsage yake, ɓawonsa na saɓulewa, in ka buga biyu za ka ji ƙara mai kaifi. Da damina, mai sayen itace yana biyan kuɗin ruwa ne rabi. Gawayi ma haka: mai kyau in an karya shi cikinsa baƙi ne wuluk mai sheƙi, yana ƙara kamar fasasshen tangaran, wanda bai gama ƙonewa ba kuwa cikinsa ja-ja ne kuma yana hayaƙi. A duba gindin buhu, don a nan gari da ƙasa ke taruwa.

Gawayi yana da wani kuɗi da ba a biya a kasuwa. Kafin ya zo gari, an sare itace, an jera shi, an rufe da ciyawa da ƙasa, an sa wuta ta ci kwanaki ba tare da isasshiyar iska ba. A wannan hanya ta gargajiya, sai an ƙona itace kamar kilo 6 zuwa 8 kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Kilo 7 na itace megajul 112 ne, abin da ya fito kuma 29. Kashi uku cikin huɗu na zafin ya tashi a daji, bai dafa wa kowa komai ba. Gidan misalinmu da ke cin gawayi kilo 50 a wata, itace kilo 350 ya ci, alhali da itacen ya ƙona kai tsaye, ko a murhun duwatsu uku ne, kilo 160 ya ishe shi. Gawayi ya fi tsabta a kicin, ya fi sauƙin ɗauka a mota, shi ya sa birane ke sonsa, amma daji yana biyan ninki biyu. Kuma masu yin sa ba sabara suke nema ba, manyan itatuwa masu nauyi suke bi, irin su ƙirya da marke, har da kaɗanya wadda mata ke samun man kaɗe da kuɗin shiga daga gare ta shekara da shekaru.

Sai hayaƙi, wanda a ganina shi ne ya kamata ya raba gardamar a duk inda kuɗi suka zo kusa da juna. Hayaƙi makamashi ne da bai ƙone ba. Itace idan ya ji zafi, mafi yawansa yana fita ne a matsayin iska mai cin wuta da tururin kwalta, kuma su ne harshen wutar da muke gani. Idan suka sami isasshiyar iska da zafi, sai su ƙone ƙurmus. Idan itacen ɗanye ne, ko an cusa shi da yawa ya toshe iska, ko harshen ya bugi gindin tukunya mai sanyi kafin ya gama ci, sai su fita a matsayin hayaƙi. Kunkunniyar da ke rataye a rufin madafa da baƙin da ke gindin tukunya shaida ce ta abin da mai girki ke shaƙa kullum.

Mafi haɗari a cikin hayaƙin su ne ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, waɗanda ake kira PM2.5. Saboda ƙanƙantarsu hanci ba ya tare su, suna wucewa har ƙarshen huhu, wasu su shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2021 ta ce matsakaicinsu a yini kada ya wuce maikrogiram 15 a kowace kubik mita ta iska. A madafar da ake girki da itace, matsakaicin yini yakan kai ɗaruruwa, lokacin hura wuta kuma ya haura dubu. Hukumar ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Cututtukan su ne ciwon huhu na yara, toshewar numfashi mai daɗewa, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da kansar huhu, ga kuma yanar ido. Wanda ya fi shaƙa ba maigidan da ke yanke hukuncin abin da za a saya ba ne. Matar da ta sunkuya tana hura wuta ce, da jaririn da ke goye a bayanta, wanda kansa ke daidai inda hayaƙin ke bi.

Gawayi ya bar yawancin hayaƙinsa a daji, don haka ɓurɓushinsa bai kai na itace ba, sai dai lokacin kunnawa, musamman in da leda ko roba aka kunna shi, ɗabi'ar da ya kamata a daina. Amma yana da nasa makamin, kuma ya fi saurin kisa. Garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid mai yawa, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai jini ya kasa kai iska ƙwaƙwalwa. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, abin da mutum zai ɗauka zazzaɓi ne ko gajiya, ya kwanta, kuma kwanciyar ce ajali. Lokacin hunturu ne abin ya fi faruwa, sa'ad da ake shigar da kasko ɗaki a rufe ƙofa da taga, ko a gasa wa mai jego ɗaki. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda kuma akwai garwashi a ciki, a fitar da kowa waje nan take, a buɗe ko'ina, wanda ya suma ko ya rikice a kai shi asibiti. Rashin ganin hayaƙi ba shaidar lafiya ba ce ga gawayi.

Kananzir ya taɓa zama makamashin ma'aikaci da ɗalibi a Najeriya, lokacin da gwamnati ke tallafa masa, farashin hukuma yana naira 50 a lita har zuwa farkon 2016 da aka janye tallafin. Yau litarsa a wurare da yawa ta fi kilon gas tsada, alhali aikinta da kaɗan ya fi rabin na kilon gas. Ban ga wata hujja da ta rage masa ba a girki. Risho mai sabon lagwani, mai shuɗiyar wuta, hayaƙinsa kaɗan ne, amma da lagwani ya ƙone ko ya yi tsawo ba daidai ba, wuta ta koma ja, tukunya ta yi baƙi, ga warin da ke tashi in an kashe. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a guji amfani da shi a gida. Ga haɗarin wanda aka gauraya da fetur: kananzir na gaskiya ba ya kama wuta daga tururinsa sai ya ɗumama zuwa wajen digiri 38, fetur kuwa tururinsa yana kamawa ko da sanyi, shi ya sa gaurayen ke fashewa a risho ko fitila. Ga kuma yaran da ke shan sa saboda an zuba a gorar lemo. Idan haka ta faru kada a sa yaro amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin shigarsa huhu ce ke kisa. Asibiti kai tsaye.

Gas shi ne ya fi ƙonewa sarai, saboda tun a iska yake, yana gauraya da iskar waje kafin ya kai bakin wuta. Amma a nan ma akwai abin da masu tallata shi ba su cika faɗa ba. An yi wani babban gwaji mai suna HAPIN a Gwatemala da Indiya da Peru da Ruwanda, inda aka bi mata masu ciki 3,200, aka ba rabinsu kan gas da gas kyauta. Ɓurɓushin da suke shaƙa ya ragu ƙwarai, da kusan kashi biyu cikin uku, amma sakamakon da aka fitar a 2022 da 2024 bai nuna bambanci a nauyin jarirai ko a yawan kamuwarsu da ciwon huhu mai tsanani ba. Kafin nan wani gwaji a Malawi da ingantaccen murhun itace shi ma bai rage ciwon huhun yara ba. Wannan bai wanke hayaƙi ba. Abin da nake karantawa a ciki shi ne, yaro ba iskar kicin ɗin uwarsa kaɗai yake shaƙa ba, akwai ta maƙwabta, da bolar da ake ƙonawa, da ƙura, kuma wasu cututtukan sai an yi shekaru kafin a ga sauƙinsu. Saboda haka wanda ya sayi gas kada ya zaci ya sayi rigakafi, wanda kuma ba shi da hali kada ya ɗauka ba abin da zai iya. Girki a fili ko a rumfa mai buɗaɗɗen gefe maimakon rufaffen ɗaki, busasshen itace da aka faskara ƙanana, da sauke yaro daga baya a ba wani ya riƙe shi nesa da murhu, duk suna rage abin da ake shaƙa, kuma ba sa cin ko kwabo.

Tsoron fashewa shi ne ke hana gidaje da yawa gas ko da suna da kuɗin, kuma tsoro ne mai dalili, sai dai an fi ɗora shi a inda bai dace ba. Ba kasafai tukunyar kanta ke fashewa haka kawai ba. Abin da ya fi faruwa shi ne yoyo daga tsohon tiyo da ya tsage, ko makunnin da bai zauna daidai ba, ko miya ta zubo ta kashe wuta gas na ci gaba da fita. Gas ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, yana kwanciya a ƙasa ya taru a rufaffen kicin, sai ashana ko makunnin lantarki ya tayar da shi. Warin da ake ji da gangan aka sa masa don a gane yoyo. In an ji shi, kada a kunna kome kuma kada a kashe kome na lantarki, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga. Gwajin yoyo da ruwan sabulu ake yi, a shafa a mahaɗa a ga ko zai yi kumfa, ba da ashana ba. Tukunya ta tsaya a tsaye, a inda iska ke wucewa, kuma kada a yarda a cika ta fiye da nauyin da aka rubuta, don sararin da ake bari a sama na faɗaɗar gas ne idan rana ta yi zafi.

Gwamnatoci sun gwada hanyoyi biyu a kan wannan al'amari, kuma sakamakonsu a bayyane yake. Chadi ta haramta gawayi a Injamena a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 don ceton itatuwa, ba tare da gas ya wadata ba, mutane suka koma ƙona kashin shanu da tarkacen katako, har mata suka fito zanga-zanga. Indunusiya kuwa daga 2007 ta raba wa gidaje fiye da miliyan 50 ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 da kanta da tiyonta kyauta, sannan ta janye kananzir mai tallafi sannu a hankali, kuma cikin 'yan shekaru yawancin gidajen ƙasar suka koma gas. A Nijar ma amfani da gas ya ƙaru a birane bayan matatar Zinder ta fara aiki a 2011, saboda ya samu a kusa. Jihohinmu da ke sanar da hana sare itace da yin gawayi suna da hujja, daji yana ƙarewa, amma mai ƙullin naira 300 zai ci gaba da sayen ƙullinsa, a ɓoye kuma da tsada, muddin ba a ɗauke masa kuɗin tukunyar farko ba, ba a kuma kawo masa wurin da zai zuba gas na naira 500 a kan sikeli mai gaskiya a cikin unguwarsa ba.